Naman Layya da Ƙunar Firiza

Wata biyu bayan Babbar Sallah uwargida ta ciro cinyar rago daga firiza, sai ta ga gefenta ya yi fari-fari da toka-toka, ya bushe kamar fatar ganga, ledar kuma cike da garin ƙanƙara. Da yawa daga nan sai su ce nama ya lalace, a zubar. Alhali bushewa kawai ya yi, abin da ake kira ƙunar firiza.

Kusan kashi uku cikin huɗu na tsokar nama ruwa ne, iskar cikin firiza kuwa busasshiya ce, irin ta hunturu mai tsaga leɓe. Duk inda ta taɓa nama, ƙanƙarar da ke samansa takan tashi ta bi iska ba tare da ta narke ba, ta je ta daskare a jikin leda. Garin ƙanƙarar nan da uwargida ta gani, ruwan cinyar ragonta ne. Gurbin da ruwan ya bari kuma iska ke shiga, ta dusashe jan naman, ta sauya ɗanɗanon kitsen. Yawan ɗauke wuta na ƙara abin, domin duk lokacin da sanyin ya ragu ya dawo, sai wani ruwan ya sake fita.

Ana cin irin wannan nama lafiya lau. A digiri 18 ƙasa da sifili ƙwayoyin cuta ba sa hayayyafa. Illar naman dai tauri da rashin armashi. A yanke wurin da ya bushe, sauran a yi miya ko farfesu. Ni dai ba zan kai shi kan gashi ba. Amma sanyi ba ya kashe ƙwayoyin, kwantar da su yake yi. Idan wuta ta yi kwanaki babu har naman ya narke ya yi ɗumi, sannan ya sake daskarewa, wannan wata magana ce. In ya narke yana wari, yana yauƙi, ko ya yi kore-kore, a zubar.

Maganin ƙunar shi ne kada a bar iska tsakanin nama da abin da aka naɗe shi. Baƙar ledar kasuwa siririya ce, kuma ɗaurin da ake mata sakwa-sakwa ne. A raba naman daidai girki ɗaya-ɗaya, a tsane jiƙarsa, a sa a leda mai kauri. Sai a nutsa ledar cikin bokitin ruwa, bakinta a waje: ruwan zai matse iskar ta fita, ledar ta manne da naman, a ɗaure, a ƙara wata a kai. Inda ƙashi mai tsini yake a ninka, don shi ke huda leda.