"Malalaci Ne": Kalmar Da Ba Ta Gyara Ma'aikaci

Duk wanda ya yi aikin gwamnati a Najeriya ya san fom ɗin APER, wanda shugabannin sashe suka shafe shekaru suna cikewa a ƙarshen shekara game da na ƙasa da su, don a duba shi lokacin ƙarin girma. Wurin da aka bar wa shugaba ya rubuta ra'ayinsa layuka kaɗan ne, amma a nan ake yawan yin ɓarna.

A ce akawu ne ke makara da rahoton kuɗi na wata-wata. Shugabansa, cikin ɓacin rai, ya rubuta: "Malalaci ne, kullum sai ya makara, ba a dogara da shi." Wannan hukunci ne a kan halinsa, babu abin da ya faɗa game da aikin. Akawun zai kare mutuncinsa, kuma kalmar "kullum" ta ba shi mafita: wata ɗaya kawai zai nuna da ya kawo a kan lokaci, zancen ya rushe.

Gyaran yana farawa da tambaya ɗaya: me idona ya gani, kuma yaushe? Sai shugaban ya buɗe fayil. Ƙa'ida ita ce a miƙa rahoto ranar 5 ga wata. A Maris, Yuni da Satumba ya iso bayan ranar 12, sauran watanni tara kuwa babu matsala. Ashe "kullum" ɗin sau uku ne. Sai ya rubuta:

"Lissafinsa daidai yake, ba a mayar masa da rahoto don kuskure ba a bana. Amma a Maris, Yuni da Satumba rahoton ya makara da fiye da mako guda, abin da ya jinkirta biyan 'yan kwangila. Daga Janairu ana so ya miƙa ranar 5. In ya hango cikas, ya sanar da ni ranar 3. Za mu duba tare a ƙarshen Maris."

Ba a sassauta komai ba. Ni a ganina ma wannan ya fi na farko nauyi, don babu inda za a musa shi. Ga kuma abin da ranakun suka tona: duk watannin ƙarshen zango ne na wata uku-uku. Kafin ya sa hannu, ya kamata shugaban ya tambayi akawun ko a lokacin aiki ke yi masa yawa, ko rasit ne ke makara daga wani ofis.

Akwai kuskure na ɗaya gefen, wanda kara da kunya ke jawowa. Shugaba ya goge "malalaci" ya sa "yana ƙoƙari, sai dai ya ƙara himma", don kada a ce shi ya tare wa mai iyali ƙarin girma. Akawun ya karanta, ya yi godiya, Maris ta zagayo rahoto ya sake isowa ranar 12.