Sa Hannu, Hatimi da Zane a Tsakiyar Kwafi

Mai kwafe tsohuwar takarda zuwa na'ura yakan yi tafiyarsa salin-alin har ya iso abin da haruffa ba sa ɗauka: sa hannu, dangwale, hatimi ko zane. Ƙa'idar masu adana takardun tarihi ita ce a bayyana abin cikin baka mai kusurwa, [ ], a daidai gurbin da ya faɗo. Bakan ne ke shaida cewa maganar ta mai kwafi ce, ba ta asalin takardar ba.

Takardar cinikin gona misali ce mai kyau, domin takan tara duka huɗun. Idan sa hannun mai saye yana karantuwa, sai a buga sunan yadda yake, a sa [sa hannu] a gabansa. Idan kuwa jagwalgwale yake, a rubuta [sa hannu, ba ya karantuwa] a tsaya nan. A wannan gaɓar ake yawan yin ɓarna. Mai kwafi ya ga sunan mai saye a saman takarda, sai ya ɗauko shi ya ɗora kan sa hannun, alhali wataƙila wakili ne ko shaida ya sa. Da zarar zato ya shiga kwafi, mai karatu na gaba zai ɗauke shi tabbas, kuma a rikicin gado wannan ba ƙaramin abu ba ne. Alamar an yi hakan ita ce kwafin da kowane suna ya fito tsaf, ba shakka ko ɗaya, bayan asalin cike yake da karce-karce.

Dangwale ba ya faɗin suna. Sunan da ke gefensa marubucin takardar ne ya rubuta, saboda haka a raba su: [dangwalen yatsa], sannan sunan a matsayin rubutu.

Hatimi yana da fuska biyu, siffa da rubutu. A faɗi siffar a taƙaice, a kwafe rubutun: [hatimi zagayayye, shuɗiyar tawada, a ciki: ...]. Wasiƙun Larabci na sarakunan Daular Sakkwato sukan ɗauki hatimi a samansu, kuma sau da yawa shi ke tabbatar da wanda ya aiko. Inda hatimin ya hau kan layi ya rufe kalmomi, a faɗi kusan nawa ya rufe. Tambarin ma'aikata haka ake yi masa, sai dai idan ya maimaitu a kowane shafi, ambato ɗaya a farko ya wadatar.

Zanen gonar shi ya fi wuya, don jimla ba ta maye gurbinsa. A rubuta [zanen gona mai kusurwa huɗu], a kwafe kalmomin cikinsa tare da matsayinsu, kamar "rafi" daga gabas, "burtali" daga arewa. Tunda iyakar gona na iya rataya a kan lanƙwasar layi ɗaya, dole a haɗa kwafin da hoton shafin, kuma bayanin cikin bakan ya ambaci lambar hoton.