Idan Aka Ga Ƙiba, Aka Manta da Mara Lafiya

A watan Mayu na shekarar 2018 wata mata mai suna Ellen Maud Bennett ta rasu a ƙasar Kanada tana da shekara 64. Ta yi shekaru tana jin jikinta ba daidai ba, tana zuwa asibiti, amma duk inda ta je shawarar ɗaya ce: ta rage ƙiba. Ranar da aka bincika ta sosai sai aka tarar ciwon daji ne, ya ci jiki har ba ya aikin tiyata, kwanaki kaɗan suka rage mata. Kafin ta cika ta roƙi iyalinta su sa wannan labari a sanarwar rasuwarta, don mata masu jiki su daina yarda a sallame su da maganar ƙiba. Sanarwar ta zagaya duniya, domin dubban mutane sun ga kansu a ciki.

Mu a ƙasar Hausa lamarin ƙiba baki biyu gare shi. A da, kuma har yau a gidaje da yawa, ƙiba alamar hutu ce da jin daɗi. Amarya ta rame a ce mijin ba ya kula da ita, mutum ya zabge a fara raɗe-raɗin wace cuta ke cinsa. Abin ya kai 'yan mata na shan magungunan da ake kira "sha ka fashe" don su ciko, alhali wasunsu na jawo hawan jini da ciwon suga. Amma bakin da ya yabi ƙiba shi ne ke kiran yarinya lukuta a makaranta, shi ne ke ce wa mace ta biya kuɗin mutum biyu a Keke Napep ana dariya. Masu yin haka sukan ce ai gyara kayanka ne, idan ba a faɗa mata ta ji zafi ba, ba za ta rage ba. Wannan zato shi ne nake son mu duba, domin an gwada shi an ƙirga, kuma bai tsaya ba.

Wasu masu bincike biyu a Amurka, Angelina Sutin da Antonio Terracciano, sun bi mutane sama da 6,000 masu shekara hamsin zuwa sama, daga 2006 zuwa 2010. Sun tambaye su ko ana nuna musu bambanci saboda nauyinsu, suka auna su, bayan shekara huɗu suka sake aunawa. Da kunyatawa na rage ƙiba, da waɗanda aka fi tsangwama su ne za su fi ramewa. Akasin haka aka gani. Cikin waɗanda ba su kai matakin ƙiba mai yawa ba tun farko, masu shan tsangwama sun ninka sauran kusan sau biyu da rabi wajen faɗawa cikinta. Waɗanda suke da ita tun farko kuwa, sun ninka sau uku wajen ci gaba da zama da ita. A Ingila ma an bi mutane kusan 3,000 tsawon shekara huɗu, aka ga masu shan tsangwama sun ƙara kusan kilo ɗaya, sauran kuwa sun ɗan ragu.

Dalilin ba boyayye ba ne ga wanda ya taɓa jin kunya a bainar jama'a. Wulaƙanci damuwa ne, jiki kuma yana amsa damuwa da sakin wani sinadari mai suna kotizol. Idan abin na ɗan lokaci ne babu laifi. Idan kullum ne, sinadarin yakan buɗe sha'awar kayan zaƙi da maiƙo, ya taimaka wajen tara kitse a ciki, ya ɓata barci. Ga kuma abin da ke faruwa a zuciya: wanda aka ci wa fuska yakan nemi sanyi a wajen abinci. An taɓa nuna wa mata masu jiki wani bidiyo da ke izgili ga masu ƙiba, wasu kuma aka nuna musu bidiyon da ba ruwansa da wannan, sannan aka ajiye musu kayan maƙulashe. Waɗanda suka kalli izgilin sun ci ninki uku na abin da sauran suka ci. Sannan matar da aka yi wa dariya ranar da ta fito tafiyar motsa jiki a unguwa, da wuya gobe ta sake fitowa.

Inda abin ya fi ciwo shi ne asibiti, don can ne kuskure ke cin rai. Mu ɗauki misali da wata mata mai shekara 38, nauyinta kilo 95, tsayinta mita 1.62. Ta zo da ƙorafin cikinta na ƙara girma, tana haki idan ta hau bene, al'adarta ta rikice. Ma'aikaciyar jinya ta ɗora ta a sikeli a gaban layi, ta faɗi nauyin da ƙarfi kowa ya ji. Aka yi lissafin nan da ake rubutawa BMI a kati, wato a raba nauyi da tsayi sau tsayi: 95 a raba da 2.62, ya ba da 36. Tunda ya haura 30, an sa ta a sahun masu ƙiba. Har nan babu ƙarya. Sai dai lissafin nan bai san kitse ba, bai san tsoka ba, bai san ruwan da ya taru a ciki ba. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Beljiyam, Adolphe Quetelet, shi ya ƙirƙiro shi a ƙarni na 19 don kwatanta jama'a da yawa, ba don duba mara lafiya guda ba.

Sai awon jini. Abin da ake ɗaura wa a dantse girma-girma ne, amma a ɗakunan awo da yawa guda ɗaya ake da shi. Idan ya yi wa dantse kaɗan, awon yakan fito sama da gaskiya. Wani gwaji da aka yi a Jami'ar Johns Hopkins, aka buga a 2023, ya nuna cewa mutanen da ke buƙatar mafi girma, idan aka auna su da na kowa da kowa, lambar sama takan ƙaru da kusan 20. Ke nan matar da jininta yake 125 za a rubuta mata kusan 145, a ɗora ta kan maganin hawan jinin da ba ta da shi. Gane wannan ba wuya: idan ɗaurin na ɓallewa lokacin da ake hura iska, ko da ƙyar bakinsa ya haɗu, ya yi kaɗan, kuma mara lafiya na da damar cewa, "Sista, don Allah a kawo babba."

Ta shiga wajen likita. Ya dubi kati, ya dube ta, ya ce, "Hajiya, ki rage cin tuwo da dare, ki dawo bayan wata uku." Bai taɓa cikin ba, bai tura ta hoto ba. Alhali ciki mai girma da rikicewar al'ada na iya zama ƙari a mahaifa, abin da ya yawaita ga matan Afirka. Haki da kumburi na iya zama ciwon zuciya ko na ƙoda, ko ƙarancin jini. Ita kanta ƙibar tana iya zama alama ba sanadi ba, idan akwai matsala a ƙwayayen haihuwa ko wani magani da take sha. Da siririya ce ta kawo waɗannan ƙorafe-ƙorafen, da an kwantar da ita an duba. Tambayar da ta fi amfani a wannan ɗaki ita ce: "Likita, da ba ni da jiki, wane gwaji za ka sa a yi mini?"

Ba zargin likitoci nake yi da mugunta ba. Mai duba mutum tamanin a wuni dole ya nemi gajeriyar hanya, ƙiba kuma ita ido ke fara gani. Amma su ma 'ya'yan al'umma ne, da tunaninta suka shiga aiki. A 2003 an tambayi likitoci 620 a Amurka, sama da rabinsu suka bayyana masu ƙiba a matsayin mutanen da ba su da kyan gani kuma ba sa bin umarni. Mara lafiya na karanta wannan a fuska. Matar misalinmu ba za ta dawo bayan wata uku ba, don ba ta rage ko kilo ɗaya ba kuma ta san faɗan da ke jiranta. Za ta koma kemis ko wajen mai magani a kasuwa. Bincike ya sha nuna cewa mata masu ƙiba sukan jinkirta gwajin ciwon dajin mahaifa da na nono saboda irin wannan tarba. Daga baya idan cutar ta yi tsanani, sai a rubuta ta a lissafin illar ƙiba, ba a rubuta gudun asibitin da aka sa ta yi ba.

Tun a makaranta ake shuka wannan. An bi 'yan mata sama da 2,000 a Amurka daga shekara 10 zuwa 19. Waɗanda aka taɓa ce wa sun cika ƙiba suna 'yan shekara goma sun fi sauran zama masu ƙiba a shekara goma sha tara, ko da an cire bambancin nauyin da suka fara da shi. Kuma maganar ta fi yin tasiri idan daga bakin 'yan gida ta fito. Uwar da ke cewa "wa zai aure ki a haka" don ƙauna take faɗa, na yarda, amma abin da take tsoro shi take ƙara jawowa. A wurin aiki kuma mai jiki, musamman mace, takan sha wuyar samun gurbi da ƙarin girma, ana mata kallon malalaciya tun ba ta fara ba. Dokar da ta hana haka ba ta da yawa a duniya: jihar Michigan ta yi tata tun 1976, birnin New York sai a 2023.

Babu wanda ya ce ƙiba ba ta da illa. Tana da hannu a ciwon suga, hawan jini da ciwon gwiwa, kuma likita na da haƙƙin ya faɗa. Abin da ya kamata ya sani shi ne jiki na yaƙi da ramewa. Wani bincike a Ostareliya a 2011 ya nuna cewa shekara guda bayan mutane sun rage nauyi, sinadaran yunwa a jikinsu na nan sama, na ƙoshi kuma ƙasa. Wanda nauyinsa ya dawo ba lallai ne rashin himma ba. Kuma ba sai an koma siriri ake cin riba ba. A wani babban gwaji da aka buga a 2002, masu haɗarin kamuwa da ciwon suga da aka taimaka wa su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, tare da tafiyar minti 150 a mako, haɗarinsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Ga matar misalinmu wannan bai kai kilo bakwai ba, da tafiyar rabin awa sau biyar a mako.

A wannan gwaji ba tsawa aka yi wa kowa ba. An haɗa kowane mutum da mai ba shi shawara, suna zama suna duba abin da yake ci da abin da ke hana shi tafiya, zama goma sha shida a cikin watanni shida na farko.