Bayan Shekara Shida a Jidda: Wa Ke Riƙe da Ragamar Gida?

A watan Maris na 2017 gwamnatin Saudiyya ta yi wa baƙi marasa takardun zama afuwa ta kwana 90: duk wanda ya miƙa kansa zai koma ƙasarsu ba tare da tara ko ɗauri ba. Cikin waɗanda suka dawo har da Hausawan da suka tafi Umara suka maƙale a Makka da Jidda suna neman na kansu. An yi ta maganar jiragen da suka kwaso su, amma ba a cika tambayar yadda suka ƙare da matansu ba.

Mu ɗauki misalin wani tela ɗan Kano, irin wanda kusan kowace unguwa ta san kamarsa. Ya tafi a 2011, ya bar mata da 'ya'ya biyu, ƙaramin yana goye. A shari'a aurensu na nan daram, domin doguwar tafiya ba ta kashe aure, kuma ba a sake ɗaura shi. A mazhabar Malikiyya matar na da ikon kai ƙara gaban alƙali idan ba a ciyar da ita, amma shi yana aiko da kuɗi, don haka ta zauna.

Makon farko daɗi ne zalla. Ga 'yan sannu da zuwa, ga tsarabar dabino da jallabiya. Rigimar ta fara ne ranar da baƙi suka ɗauke ƙafa, ya miƙa mata kuɗin cefane. Ta ƙirga, ta dube shi ta ce, "Malam, wannan ai ko mai da magi ba zai saya ba." Ransa ya ɓaci, ya ɗauka raini ne. Alhali kuwa lissafin kansa ne ya tsaya a shekarar da ya tafi. A 2011 litar fetur naira 65 ce, a watan Mayun 2016 ta koma 145, darajar naira kuma ta faɗi a wannan shekarar, kayan masarufi suka tashi. Yana can yana jin labarin a waya, amma jin labari daban, shiga Kasuwar Rimi da kuɗi a hannu daban.

Babbar matsalar tana gaba. Yawancin abin da yake aikowa ta hannun ƙaninsa yake biyowa, da nufin a gina masa gida. Ya dawo ya tarar ginin bai wuce linta ba. Ƙanin ya ce hidimar iyali ce ta cinye, matar ta ce abin da ke isowa hannunta bai taka kara ya karya ba. Babu wanda ya rubuta komai. A nan ne aure da yawa ke mutuwa, domin miji yakan ji nauyin tuhumar ɗan'uwansa, sai ya sauke fushin a kan wadda ke kusa.

Ita kuma ba matar da ya bari ba ce. Da aike ya riƙa yankewa sai ta kama sayar da atamfa a cikin gida, ta shiga adashi, ita ke biyan kuɗin makaranta, ita ke magana da mai gidan haya. Shekara shida ba ta nemi izinin kowa kafin ta je asibiti da yaro ba. Yanzu an dawo ana tambayarta ina za ta. Yaran ma idan ya aike su sai sun waiwayi uwarsu tukuna, ƙaramin kuwa ɓuya yake yi idan ya shigo. A ganina mazan da ke ɗaukar bulala a wannan gaɓar kuskure suke yi, domin yaron bai ƙi ubansa ba, bai san shi ba ne.

Abin da ya daidaita su ba wani abin mamaki ba ne. Waliyyin matar da wani kawun mijin suka zaunar da su tare da ƙanin, aka bi aiken ɗaya bayan ɗaya gwargwadon abin da aka tuna, aka gano inda kuɗin ya zurare, matar ta fita daga zargi. Aka yarda sana'arta da ribarta nata ne, kamar yadda shari'a ta tanada, ci da sha kuma na wuyansa. Ya riƙa zuwa cefane da kansa har ya san farashi. Ya karɓi kai yara Islamiyya, a hanya suka saba.

Duk wanda ke waje yana aiko da kuɗi, ya raba na gini da na cefane, na cefanen ya shiga asusun matarsa kai tsaye, kuma kowannensu ya riƙa rubuta rana da adadi.