Cire mutum daga hoto: a nemi yarda, a aje na asali

A istudiyon masu hoto na Maradi ko Damagaram, har ma cikin salula, ana iya share mutum daga hoto cikin minti kaɗan. Sai dai hoton da aka ɗauka tare ba na mutum guda ba ne, kuma abin da aka goge ba kullum yake dawowa ba.

Mu ɗauki misalin hoton suna: uwa riƙe da jariri, uba a gefenta, kakar yaro a zaune. Aure ya mutu, kaka ta rasu, matar kuma za ta tare a sabon gida. Tana da haƙƙin ta ƙi kallon fuskar tsohon miji a bangon ɗakinta. Amma ga yaron, wannan mahaifinsa ne, kuma wataƙila hoton nan kaɗai ne ya haɗa shi da iyayensa biyu.

Don haka aikin farko shi ne adana na asali. In na takarda ne, kada a sa masa almakashi. A kai istudiyo a ɗauke shi cikin na'ura, a yi gyaran a kan kwafi. In cikin salula yake, bayan gyara a zaɓi « Enregistrer une copie », don kada sabon ya danne tsohon. Wajen aika wa mai hoto ta WhatsApp, a tura shi a matsayin « Document », domin turawa ta yau da kullum tana rage kyansa.

Sai maganar yarda. Hoton da zai tsaya cikin ɗaki ba ya bukatar izinin tsohon miji. Wanda za a ɗora inda dangi za su gani kuwa, a fara gaya wa yaron in ya yi wayo: « Na aje maka na ainihi, wannan nawa ne. »

Mamaci ba ya iya cewa i ko a'a, shi ya sa ake tambayar ƴaƴansa ko matarsa. Kada a tayar da zancen cikin zaman makoki ko takaba. Wanda yau ba ya iya kallon fuskar, baɗi yana iya nemanta. In mutum guda ya ƙi, a yi wa mai so kwafinsa, a bar na gida yadda yake.

Wajen aikin, yanke gefen hoto ya fi gogewa tsabta in mutumin a gefe yake. In a tsakiya yake, na'ura ƙirƙiro abin da ke bayansa take yi. Kafin a biya, a buɗa hoton da girma a duba: yatsu da suka rage a kafaɗa, inuwa ba mai ita, ko zanen atamfa da ya karkace. Irin wannan saura ya fi ɓata wa dangi rai, don yana nuna inda aka cire nasu.