Kafin ka sa hannu a taƙaitaccen bayanin taro

Yanzu da wuya a yi zaman ƙungiya ko hirar 'yan jarida ba a ajiye waya tana naɗar murya ba. Daga baya wani ya zauna ya kwafe maganar kalma bayan kalma, wani kuma ya matse shafi ashirin ya mayar da shi rabin shafi. Wannan rabin shafin shi kowa zai karanta, shi za a ɗauko ranar da gardama ta tashi. Saboda haka dole ne duk abin da ya faɗa ya kasance akwai shi a cikin kwafin hirar.

Mu ɗauki misalin ƙungiyar manoma da ta zauna kan sayen taki. A minti na 12 shugaba ya ce: "Idan dillalin ya sauko da farashi, za mu iya ɗaukar buhu 200." A minti na 14 ma'aji ya ce: "An ce wai kuɗin zai shigo bayan Sallah." A minti na 20 aka tambayi mataimakin shugaba ko zai je Kano ya dubo, ya ce: "To, bari mu gani." Sai sakatare ya rubuta: "Ƙungiya ta amince za ta sayi buhu 200 bayan Sallah, kuma mataimakin shugaba zai je Kano ranar Litinin saboda taki ya fi araha a can."

Wanda ya halarci zaman zai karanta ya gyaɗa kai, domin duk kalmomin sun yi kama da abin da ya ji. Nan ne haɗarin yake. Mai dubawa ba ya karanta jimla a dunƙule, yanka ta yake yi gunduwa-gunduwa, kowane yanki da magana ɗaya tak, sannan ya nemo wa kowanne mintin da aka faɗe shi ya rubuta a gefe.

Buhu 200 yana nan a minti na 12. Amma "ta amince" fa? Mutum ɗaya ne ya yi magana, da sharaɗi ya yi ta, kuma "za mu iya" ya ce. Sharaɗin ya faɗi a hanya, shawara ta zama hukunci. "Bayan Sallah" an faɗe shi, sai dai kan shigowar kuɗi aka faɗa, an ɗauke shi an manna wa sayen taki, an kuma jefar da "wai" wadda ke nuna ma'ajin ma ji ya yi. Irin wannan ɗinki ya fi wuyar kamawa, tunda kowane ƙyalle na gaske ne. Shi kuwa mataimaki, duk Bahaushe ya san "to, bari mu gani" ba alkawari ba ne. Litinin babu ta ko'ina. Dalilin arahar taki a Kano ma babu wanda ya furta shi, sakatare ne ya cike da saninsa.

A kan wannan na ƙarshe ake yawan musu. Sakatare zai ce ai gaskiya ne, kowa ya sani. Ko da gaskiya ne, ba a faɗa a zaman ba, kuma takardar shaida ce kan abin da aka faɗa. In yana ganin bayanin na da amfani, ya ware shi a ƙasa ya rubuta cewa ƙarin nasa ne. Ni a ganina duk inda aka ga "saboda", "don haka" ko "aka amince", a tsaya a nan tukuna, domin ta nan ƙari ya fi shigowa.

Gyararren bayanin zai zama: "Shugaba ya ce za a iya sayen buhu 200 idan farashi ya sauko. Ma'aji ya ce ya ji kuɗin zai shigo bayan Sallah. An nemi mataimaki ya je Kano, ya ce a bari a gani."

Shi kansa kwafin yana iya yaudara. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, shi ya sa "ya biya" a takarda na iya nufin ya riga ya biya, yana iya nufin zai biya nan gaba. Haka "ba" ta ƙarshen jimla takan ɓace cikin hayaniya. Duk maganar da ta shafi kuɗi, adadi, rana ko musantawa, a koma a saurari muryar a daidai mintinta.

Wannan duba yana kama ƙari ne kawai. Abin da aka faɗa aka manta ba a sa ba, sai an sake bin kwafin daga farko za a gano shi. Kuma kada wanda ya rubuta ya duba kansa, domin abin da ke ransa zai riƙa gani. A ba wa wanda bai halarci zaman ba, ya riƙe biro, duk maganar da bai samo mata minti ba ya soke ta.