Ƙidayar 1963: Miliyan 25 Daga Ina?

Ɗalibin tarihi da ya buɗe jadawalin ƙidayar Nijeriya zai tarar da lambobi biyu a jere: mutum miliyan 30.4 a ƙidayar 1952 zuwa 1953, sai miliyan 55.7 a ta 1963. Mai gaggawa sai ya rubuta cewa jama'ar ƙasar ta kusa ninkuwa cikin shekara goma sha ɗaya, ya wuce. Malamin da ya san aikinsa kuwa, nan zai ja masa jan biro.

Kafin lissafi, a duba kan jadawalin da ƙananan bayanan da ke ƙasansa. Wace ƙasa aka ƙirga? A farkon ƙidayar, Kudancin Kamaru yana haɗe da Nijeriya a sha'anin mulki, sai a 1961 ya fice. Saboda haka wani jadawalin ya sa mutanensa a jimla, wani ya cire su.

Sai a ɗauki biro. Ƙarin miliyan 25 a wannan tsakani yana nufin jama'a na ƙaruwa da kusan kashi 6 cikin 100 kowace shekara. Haihuwa kaɗai ba ta yin haka. Ko a ƙasashe masu yawan haihuwa, ƙaruwar ba ta cika wuce kashi 3 da wani abu ba. Da kashi 3 aka bi, da miliyan 30.4 ta kai kamar miliyan 42 ne kawai a 1963. To, ragowar kusan miliyan 14 fa?

Amsar tana wurin wanda ya yi ƙidayar da dalilinsa. A zamanin Turawa, talaka ya san cewa duk inda aka rubuta suna, haraji na biye, don haka akwai dalilin ɓoye 'yan gida. Bayan 'yancin kai lamarin ya juye: yawan jama'a ne ke raba kujerun majalisa, kowane yanki yana son ya yi kauri a takarda. An soke ƙidayar 1962 saboda rigima, sannan Firimiyan Gabas, Michael Okpara, ya ƙi amincewa da ta 1963, wadda ta ba Arewa miliyan 29.8.

Akwai wani gwajin kuma. Ƙidayar 1991 ta ba da miliyan 89, wato ƙaruwar ƙasa da kashi 2 a shekara tun daga 1963. Tazarar farko ta yi gudun da ba zai yiwu ba, ta biyu ta yi nawa, abin da ke ƙara jefa shakku kan lambar tsakiya.

A cikin maƙala, sai ɗalibi ya rubuta "ƙidayar 1963 ta nuna miliyan 55.7", ya faɗi inda ya samo, ya kawo lissafin kashi 6, sannan ya bayyana cewa mai yiwuwa an rage a 1952, an kuma ƙara a 1963. Lambar ba ta isa hujja kan haihuwa ba, amma hujja ce mai ƙarfi ga mai rubutu kan gasar yankuna a Jamhuriya ta Farko.